Kundin aiki: rubutun bidiyon haɗa makin ɗalibai a Excel, murya da kibiya a tare

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Bidiyon da nake son yi gajere ne, bai kamata ya wuce minti biyar ba. Zai nuna wa malaman aji yadda ake haɗa makin ɗalibai a Excel a fitar da na ɗaya da na biyu har zuwa na ƙarshe. Na shirya fayil na gwaji mai sunayen bogi arba'in: suna a layin tsaye na A, gwajin farko mai maki 20 a B, gwaji na biyu mai maki 20 a C, jarrabawa mai maki 60 a D, Jimla a E, Matsayi a F. Fomula biyu kacal za a koya.

Yau na kunna OBS Studio, manhajar naɗar hoton allo, na naɗa kai tsaye, ina magana ina aiki, ba rubutu a gabana. Ya fito minti tara da 'yan kai. Da na zauna na kalla sai na ga abubuwa biyu da ke ta maimaituwa. In ina neman kalmar da zan faɗa, hannuna kan riƙa kewaya kibiya a tsakiyar allo, mai kallo kuwa idonsa kibiya yake bi, don haka ya bi ta zuwa inda babu komai. Na biyun ya fi muni: hannu ya riga baki. Na ƙirga wuri goma sha ɗaya da na riga na danna kafin in faɗi abin da zan danna. Wanda ya san Excel ba zai damu ba, amma malamin da yau ya fara buɗe ta zai ga allo ya canza, sannan ya ji bayanin abin da ya riga ya wuce.

Na ajiye wannan naɗin don in riƙa kwatantawa. Gobe sai takarda da biro.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kafin in rubuta jimla ko ɗaya ta magana, na sake yin aikin a Excel a hankali, ina rubuta duk abin da hannu ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar kibiya abu ɗaya ne, dannawa abu ɗaya ne, buga rubutu abu ɗaya ne, jiran allo ya amsa shi ma abu ɗaya ne. Sun kama 34. Na yi mamakin yawansu, domin a kaina aikin mataki shida ne.

Daga nan na raba takarda gida uku: lambar mataki, abin da baki zai faɗa, abin da hannu zai yi. A cikin maganar kanta na sa alamomi biyu. Alamar × tana nufin a nan yatsa zai danna, alamar / tana nufin shiru na daƙiƙa ɗaya.

A nan ne na ci karo da abin da ya ci mini yinin. Mun saba cewa "danna gidan da ke ƙarƙashin Jimla". Aikatau ne a gaba, wurin da za a danna yana can ƙarshen jimla. In na sa × a kan kalmar "danna", na danna ke nan kafin mai kallo ya ji inda za a danna. In kuma na jinkirta sai ƙarshen jimla, kunne ya riga ya ji "danna" tun daƙiƙa uku da suka wuce, kuma wasu za su danna duk inda kibiyarsu take. Mafita ita ce a juya jimlar: a fara da wuri, a bar umarni ya zo ƙarshe shi kaɗai. Hausa ta yarda da haka ba tare da an takura mata ba, haka ma muke yi wa baƙo kwatance, mu ce "ka ga masallacin can, to bayansa, sai ka shiga". Mataki na 3 ya koma haka:

"A ƙarƙashin Jimla, gidan farko, wato E2. / Danna × shi."

Kibiya za ta tashi a kan "ƙarƙashin", ta isa a kan "farko", ta tsaya cak har a gama faɗin sunan gidan, ta yi shirun nan na daƙiƙa ɗaya, sannan yatsa ya sauka. Tsarin da zan bi a ko'ina ke nan: faɗi wurin, kai kibiya, tsaya, danna, sake tsayawa a ga sakamako.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau awon lokaci na yi. Da farko na so in ƙirga kalmomi in raba da minti, amma lissafin ya ƙi zama daidai daga mataki zuwa mataki. Dalili shi ne maganarmu cike take da ƙananan kalmomi irin su "a", "da", "ta", "na", "sai", kuma ga dogaye irin su "ƙarƙashin" da "jarrabawa". Jimla mai kalma goma takan ci daƙiƙa uku, wata mai kalma goma ta ci biyar. Sai na koma ƙirga gaɓa. Na karanta sakin layi uku da agogo a hannu, da saurin da nake yi wa aji bayani, na samu kusan gaɓa huɗu a daƙiƙa. Wannan awon bakina ne, kowa sai ya auna nasa.

Da wannan ma'auni jimlar farko ta mataki na 3 tana da gaɓa 15, wato kusan daƙiƙa huɗu. Tafiyar kibiya daga inda take hutawa zuwa E2 daƙiƙa ɗaya ce in ba a yi gaggawa ba. Ke nan akwai rarar daƙiƙa uku, kuma dole rubutun ya faɗi inda kibiya za ta yi su. Na raba: daƙiƙa ɗaya tana zaune kafin ta tashi, biyu tana tsaye a kan gidan. In ba a rubuta wannan ba, hannu da kansa zai cike gurbin da yawo.

Fomula ta farko ce ta ba ni wahala:

```
=SUM(B2:D2)
```

Bugu goma sha ɗaya ne, hannu kan gama su a daƙiƙa uku. Amma faɗinsu da baki, "alamar daidai, S, U, M, buɗe baka, B biyu, ruwa biyu, D biyu, rufe baka", gaɓa 26 ne, in aka haɗa da ɗan tsayawa tsakaninsu ya kai daƙiƙa tara. Ga kuma "biyu" har sau uku a jere, ga B da D da ke kama da juna a lasifikar waya. Na karanta wa kaina sau da yawa, ban yarda mai sauraro zai rubuta daidai ba. Don haka na cire tsakiyar daga baki na ba hannu. Za a buga `=SUM(` kawai, sannan a ja linzami daga B2 zuwa D2, Excel ta rubuta `B2:D2` da kanta.

Sai dai jan linzami ba dannawa ɗaya ba ce. Abu uku ne: danna ka riƙe, ja, saki. Mai kallo ba ya ganin yatsa, don haka kowanne yana bukatar kalmarsa da lokacinsa:

"Koma gidan gwajin farko, B2. / Danna × ka riƙe, kada ka saki. / Ja dama har gidan jarrabawa. / Yanzu saki ×."

Kalmomin "kada ka saki" ba ado ba ne. Su ne ke cike lokacin da kibiya ke tsaye a B2 da yatsa a danne, kafin ta fara tafiya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na karanta rubutun duka da ƙarfi, agogo ya nuna minti huɗu da daƙiƙa 50. Na goge gaisuwa mai tsawo da na sa a farko, na bar sallama da jimla ɗaya da ke faɗin abin da za a iya yi a ƙarshen bidiyon, allo kuma yana nuna takardar da aka riga aka gama.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na roƙi wata malamar lissafi da muke aiki tare ta zauna a gaban kwamfuta, ni kuma na juya mata baya ina karanta rubutun, ba ta ganin hannuna, ba na ganin allonta. In magana ita kaɗai ta isa ta kai mutum, to hoto ƙari ne. In ba ta isa ba, a nan zan gani.

Ta bi ni lafiya har mataki na 12, inda za a kwafe fomula zuwa sauran ɗalibai. Na rubuta "kai kibiya nan, ka danna sau biyu". Sai ta ce, "Malam, nan ina?" Na duba rubutun na samu "nan" sau bakwai, "wannan" sau biyar, "can" sau biyu. Waɗannan kalmomi ba su da ma'ana sai kibiya ta riga ta isa wurin da suke nunawa. Ban hana kaina amfani da su ba, domin ba a yin Hausar koyarwa ba tare da su ba, amma na kafa sharaɗi: "nan" ba za ta fito ba sai an riga an ambaci wurin da sunansa, kuma kibiya ta tsaya a kansa aƙalla rabin daƙiƙa.

Matakin da kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da ake nema ɗan ƙaramin murabba'i ne a kusurwar ƙasa ta dama ta gidan da aka zaɓa. In kibiya ta hau kansa, takan canza daga farin gicciye mai kauri ta koma baƙi siriri, kuma wannan canjin ne kaɗai shaidar cewa an isa. In aka danna sau biyu kafin ta canza, fomula ba za ta sauka ba, Excel za ta buɗe gidan ne don gyara rubutu ko ta tsallaka da zaɓin wani wuri. Abin da ya faru da Malama ke nan, ta ga fomula ta bayyana a cikin gida ta ɗauka ta ɓata aikin. Sabon rubutun:

"Dubi kusurwar gidan ta ƙasa, hannun dama, akwai ɗan ƙaramin murabba'i. / Kai kibiya kansa a hankali. / Ka ga ta koma baƙa siririya? / / To nan. Danna sau biyu ××."

Na ba tambayar shiru na daƙiƙa biyu, domin a nan ido ne ke aiki, kuma duk maganar da aka sa a wurin za ta janye hankali daga abin da ake so a gani. Bayan dannawar ma na sa shiru na daƙiƙa biyu, lambobi suna cika layin E daga sama har ƙasa. A rubutun farko na sa bayani a daidai wannan wuri, yanzu na matsar da shi zuwa bayan shirun.

Ta kuma ce mini, "Malam, kana ce mini 'ka', ni kuwa 'ki' ce." Gaskiya ta faɗa, kuma malamai mata suna da yawa cikin waɗanda na yi wa bidiyon. Na gwada "ku", ya yi nisa kamar ana magana da taro. Na gwada "a danna, a ja", ya yi sanyi kamar sanarwa. Na tsaya a kan "mu" wajen bayani da umarni tsirara wajen aiki: "mu dubi kusurwar gidan", sannan "danna", "ja", "saki", waɗanda ba sa nuna mace ko namiji. "Kada ka saki" ya koma "ba a saki ba tukuna". Gaɓoɓi sun ɗan ƙaru a wurare, na sake ƙirga su.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na yanke shawarar ɗaukar murya da farko, sannan hannu ya bi ta. Dalilina shi ne hannu yana iya jira ba a lura ba, amma murya in ta jira ko ta yi sauri kowa zai ji. Na ɗauka a Audacity da daddare bayan unguwa ta yi shiru, janaretocin maƙwabta sun mutu. Hunturu ya busar da maƙogwaro, sai da na ajiye ruwan ɗumi kusa. Na saita ɗaukar a 48000 Hz domin OBS ma a haka yake, kada a samu saɓani wajen haɗawa.

Kowane mataki na karanta shi sau biyu na zaɓi wanda ya fi. Shirun da ke rubuce ban bar wa baki ya kimanta ba, na auna shi a kan allon Audacity na ƙara ko na rage. Daga nan na bi duk inda × take na sa alama da `Ctrl+B`, na rubuta lambar matakin a ciki. Alamomin sun kama 21.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Shirin allo kafin naɗi. Na ɗaga girman takardar Excel zuwa 160%, domin yawancin masu kallo a waya za su gani, kuma a girman da aka saba ɗan murabba'in nan ba ya ganuwa sam. Na ƙara girman kibiya a saitin Windows. Na kunna Mouse Highlighter na PowerToys da `Win+Shift+H`, wanda ke fitar da da'ira mai launi duk lokacin da aka danna, kuma da'irar tana zama muddin yatsa na danne, abin da ya dace da matakin ja. Na rufe sanarwar manhajoji. OBS na sa shi a firem 30, wato hotuna 30, cikin daƙiƙa, yana ajiyewa a tsarin MKV, saboda in wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya ana tsaka da naɗi, abin da aka riga aka ɗauka ba ya lalacewa.

Na kuma zaɓa wa kibiya wurin hutu, gidan H6 da babu komai a cikinsa, na rubuta a takarda duk inda za ta koma can. Lokacin buga rubutu hannu zai sauka daga kan linzami gaba ɗaya.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na naɗa sau uku ina sauraron muryar a kunne, OBS kuma yana ɗaukar sautin kwamfutar tare da hoton allo, don in samu abin da zan daidaita tsabtatacciyar muryar da shi daga baya. Da na buɗe a Shotcut, manhajar tace bidiyo, ina bi firem bayan firem, sai na ga kowace dannawa ta makara, kuma makarar kusan iri ɗaya ce, firem goma zuwa goma sha biyu bayan kalmar. A firem 30 cikin daƙiƙa, kowane firem kusan kashi 33 ne cikin dubu na daƙiƙa, ke nan jinkirin ya kai sulusin daƙiƙa ko fiye.

Makarar da ke zuwa iri ɗaya a ko'ina tana nuna akwai sanadi tsayayye, ba shagala ba ce. Sanadin biyu ne. Na farko abin kunnen da na sa na Bluetooth ne, sauti kan isa kunne bayan kwamfuta ta riga ta fitar da shi. Na canza zuwa mai waya, makarar ta ragu zuwa firem biyar ko shida. Ragowar kuwa tawa ce: ina jiran in ji "danna" sannan in danna, kuma tsakanin ji da motsin yatsa akwai tazara. Na koma Audacity na buɗe layin sauti na biyu, na sa gajeren ƙara guda biyu kafin kowace alama, tazarar rabin daƙiƙa tsakaninsu, ta yadda dannawar za ta zama bugu na uku, kamar mai bin kiɗa. Wannan layi na kunnena ne kawai, ba zai shiga bidiyon ƙarshe ba. A naɗi na gaba yawancin dannawar sun faɗi tsakanin firem biyu kafin kalma da firem uku bayanta.

Abin da na lura da shi wajen kallo: in dannawa ta biyo kalma da firem uku ko huɗu, ba ta damun ido, har ma ta fi kama da yadda mutum ke bin umarni. In ta riga kalma ko da firem uku ne, nan take ake jin wani abu bai zauna ba. Don haka na jinkirta ƙararrakin duka da firem biyu, kuskure in zai zo ya zo ta ɓangaren jinkiri.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Rabin na biyu, fitar da matsayi:

```
=RANK(E2,$E$2:$E$41,0)
```

A nan matsalar ba kibiya ba ce, madannai ne da ba a gani. Bayan an buga `=RANK(` an danna E2 an sa waƙafi, sai a sake danna E2, a haɗa `Ctrl+Shift` da madannin kibiyar ƙasa don a zaɓi layin har E41, sannan a danna `F4` alamomin dala su shiga. A girman 160% layuka goma sha wani abu ne kawai ke fitowa a allo, saboda haka da an danna haɗin nan sai allo ya yi tsalle zuwa ɗalibi na arba'in. Kibiya ba ta motsa ba, ba a ga dannawa ba, amma komai ya canza. A naɗin ranar Litinin wurin nan ya yi kama da an yanke bidiyon.

Na ƙara jimlar gargaɗi kafin tsallen: "Allo zai sauka ƙasa yanzu, haka ake so." Sannan na buɗe gida na huɗu a takardar rubutun, na abin da za a rubuta a kan hoto wajen tacewa. Sunan madannan zai bayyana a ƙasan allo daƙiƙa ɗaya kafin a danna su, ya zauna daƙiƙa biyu bayan haka. Kafin `F4` kuma kibiya za ta je ta tsaya ƙarƙashin sandar fomula a sama, domin a can ne dalolin za su fito, kuma in ba a kai ido can ba babu wanda zai gan su. Na ƙara cewa a wasu kwamfutocin cinya sai an haɗa da `Fn`.

Na daɗe ina tunanin ko in nuna abin da ke faruwa in an manta dalolin. Ba tare da su ba, in an kwafe fomula ƙasa, iyakar ma sai ta riƙa sauka: ɗalibi na biyu a auna shi da `E3:E42`, na uku da `E4:E43`, kowa ana gwada shi da waɗanda ke ƙasansa kawai. Sakamakon shi ne a ga ɗalibai da yawa masu maki daban-daban duk sun zo na ɗaya, na ƙarshe a jerin kuwa dole ya zo na ɗaya ko nawa ya ci. Nuna wannan zai ci daƙiƙa 35. Na sa shi, domin kuskuren da zai iya kaiwa ga takardar sakamakon yaro ne, kuma malamin da ya taɓa ganin alamarsa zai gane ta a nasa fayil. Bidiyon ya koma minti biyar da daƙiƙa 25.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na sake ɗaukar muryar matakai 22 zuwa 30, na sake naɗin rabin na biyu. A Shotcut wuri uku ne kawai suka bukaci gyara. Biyu na yanka da `S` na matsar da hoton firem kaɗan, a daidai lokacin da kibiya ke tsaye, inda yankan ba ya nunawa. Na ukun hoton ne ya gaza magana da daƙiƙa ɗaya da rabi, sai na fitar da firem ɗin ƙarshe a matsayin hoto na shimfiɗa shi. Wannan dabarar tana aiki ne kawai saboda kibiya ba ta motsi a wurin. Da tana yawo irin na ranar farko, da an ga ta daskare a tsakiyar tafiya.

Na tura wa Malama a waya ta gwada da fayil ɗin ajinta. Ta kai ƙarshe, matsayi ya fito daidai, amma ta ce sau biyu ta tsayar da bidiyon a wurin ja daga B2 zuwa D2, domin kafin ta ɗauke ido daga waya ta mayar kan kwamfuta an riga an ce "saki". Ban lissafa da wannan ba: mai koyo allo biyu yake kallo, kuma kai ido daga ɗaya zuwa ɗaya yana cin lokaci. Gobe zan ƙara shiru na daƙiƙa biyu bayan "ba a saki ba tukuna", da wani bayan kowace dannawa a matakai 3 zuwa 12, sannan in sake ba wani malamin da bai taɓa ganin rubutun ba. Ina so a gama kafin azumi.